Yadda ake jera hannayen jari bisa saurin tashin farashinsu

Wanda ya buɗe jadawalin farashin kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, zai tarar da kamfanoni fiye da ɗari. Wasu hannun jarinsu bai kai naira biyu ba, wasu kuwa ya haura naira dubu. Idan aka ce maka wannan ya ƙaru da naira 60, wancan da naira 18, ba a faɗa maka wanda ya fi ƙarfi ba, domin ba daga wuri ɗaya suka taso ba. Abin da ake yi shi ne a mai da tashin kowanne zuwa kashi cikin ɗari a tsawon lokaci guda, sannan a jera su daga na gaba zuwa na baya. Lissafin farko shi ne saurin canjin farashi, wanda manhajojin zanen farashi ke rubutawa ROC. Jerin da ke biyo baya shi ke nuna waɗanda ke tashe da waɗanda aka bari a baya.

Wannan hanya tana da tushe a bincike. A 1993 Narasimhan Jegadeesh da Sheridan Titman sun nuna, da bayanan kasuwar Amurka, cewa hannayen jarin da suka fi takwarorinsu tashi a watanni 3 zuwa 12 da suka wuce sukan ci gaba da fin su na wasu watanni a gaba. A matsakaici ne hakan ke faruwa, a kan tarin kamfanoni, ba a kan kowane kamfani shi kaɗai ba. Lissafin kansa ɗan sakandare zai iya. Inda aikin yake shi ne tabbatar da cewa farashin da ka zuba a ciki sun cancanci a gwada su da juna, kuma a nan zan fi daɗewa.

Fara da zaɓen waɗanda za su shiga jerin

Kada ka kwashi duk abin da ke kasuwar. A NGX akwai kamfanoni da yawa da sai a yi kwanaki ba a yi cinikin kirki a kansu ba, farashinsu na tsaye wuri ɗaya. Kasuwar ma tana da ƙa'idar mafi ƙarancin adadin da za a yi cinikinsa kafin farashin da ake wallafawa ya motsa. Saboda haka farashin irin waɗannan kamfanoni na iya zama tsoho, kuma ranar da ka zo sayarwa mai yiwuwa ba ka sami mai saye a kansa ba.

Mafi sauƙi shi ne ka ɗauki kamfanonin da ke cikin ma'aunin NGX 30, wato manya talatin ta fuskar daraja da yawan ciniki. A nan ake samun irin su Dangote Cement, MTN Nigeria, BUA Foods, Zenith Bank da Seplat. Wanda ke kiyaye ƙa'idojin shari'a a jarinsa, ya fara da kamfanonin da ke cikin NGX Lotus Islamic Index. Tacewar shari'a ana yin ta kafin lissafi. Idan ka bari sai ka jera kowa sannan ka tsame bankunan da ke mu'amala da ruwa, lambobin matsayin da ke hannunka na wani jeri ne daban da wanda za ka saya daga ciki. Sai dai jerin zai gajarta, kuma jerin da bai kai kamfani goma sha biyar ba yakan zama siminti da sadarwa da abinci kawai suna musayar wuri.

Tsai da tsawon lokaci da rana guda

Tsawon lokacin da aka fi amfani da shi wata 3, wata 6 da wata 12 ne. In kana aiki da farashin kullum, wata ɗaya kusan ranakun ciniki 21 ne, wata 3 kusan 63, wata 6 kusan 126. Manhajojin zane sukan zo da ROC a kan ɗan gajeren adadin kwanaki, wanda bai dace da wannan aiki ba, sai ka canza shi da hannunka. Ni na fi son farashin rufewa na ranar ciniki ta ƙarshe a kowane wata. Lamba goma sha biyu a shekara ga kowane kamfani ba ta da wuyar tarawa daga jadawalin farashin da kasuwar ke fitarwa kullum ko daga manhajar dillalinka, kuma tana hana mutum taɓa jerin kowace safiya.

Dole ranar farawa da ranar rufewa su zama ɗaya ga kowa. Idan ka ɗauki farashin wani a ranar Juma'a, na wani kuma a Larabar da ta biyo, to a kasuwar da doka ta yarda farashi ya hau ko ya sauka da kashi 10 a yini ɗaya, ka riga ka ɓata jerin.

Lissafin kansa

Ka raba farashin yau da farashin wancan lokacin, ka cire ɗaya, ka ninka da ɗari. A Excel ko Google Sheets, sa sunan kamfani a layin A, farashin ƙarshen Yuni a B, na ƙarshen Nuwamba a C, na ƙarshen Disamba a D. A gurbin E2 ka rubuta:

```
=(D2/B2-1)*100
```

Ka ja shi ƙasa har ƙarshen jerin. Ga misali da kamfanoni shida. Farashin ƙirƙirarru ne domin koyarwa, ba na wani kamfani na gaske ba ne.

| Kamfani | Yuni | Nuwamba | Disamba | Canjin wata 6 |
|---|---|---|---|---|
| Siminti | 400 | 452 | 460 | 15 |
| Banki | 40 | 56 | 58 | 45 |
| Sadarwa | 200 | 244 | 250 | 25 |
| Manja | 500 | 660 | 700 | 40 |
| Inshora | 0.50 | 0.52 | 0.80 | 60 |
| Fulawa | 60 | 52 | 54 | -10 |

In da naira za a duba, kamfanin manja ne kan gaba da ƙarin naira 200, inshora kuwa kwabo 30 kacal ta ƙara. Da aka mai da su kashi cikin ɗari sai jerin ya juye: inshora ta farko, banki na biyu, manja na uku, sadarwa, siminti, sannan fulawa a ƙarshe. Mai gaggawa zai tsaya a nan ya sayi inshora ya guji fulawa. A duka biyun ya yi kuskure, kuma dalilan sun bambanta.

Gyara tsohon farashi kafin ka yarda da shi

A ce kamfanin fulawar nan ya ba da bonas a watan Satumba, hannun jari ɗaya kyauta a kan kowane biyu. Mai guda 200 ya wayi gari da 300. Kamfanin bai ƙara girma a daren ba, don haka kasuwa ta rage farashin kowane guda daidai gwargwado. Wanda ya gwada naira 54 ta yau da naira 60 ta Yuni yana gwada abu biyu da ba ɗaya ba. Gyaran shi ne a ninka duk farashin da ya gabaci ranar bonas da tsohon adadi a kan sabon adadi, a nan biyu bisa uku. Naira 60 ta koma naira 40. Yanzu 54 a kan 40 ya ba da tashin kashi 35. Kamfanin da ke kurar baya ya hau na huɗu, gaban sadarwa da siminti. Mai guda 200 a Yuni yana da dukiyar naira 12,000, yau yana da guda 300 a kan naira 54, wato naira 16,200. Lissafin aljihunsa ya yi daidai da kashi 35.

Akwai kishiyar wannan. A 2024 kamfanin Transcorp ya haɗe hannayen jarinsa, kowane huɗu suka koma ɗaya, farashin da ake gani ya ninka kusan sau huɗu ba tare da mai shi ya ƙaru da ko sisi ba. Shafin lissafin da ba a gyara ba zai ɗora irin wannan kamfani a saman jeri har tsawon watanni. Haka kuma tun da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna a Maris 2024 su ƙara jarinsu, bankuna da dama sun sayar wa masu hannun jarinsu sababbi a farashi mai rangwame, wanda shi ma yakan ja farashin kasuwa ƙasa kaɗan.

Yadda za ka gane akwai matsala: duk inda ka ga farashi ya yi tsalle sama ko ƙasa da fiye da kashi 10 tsakanin rufewar jiya da ta yau, je ka duba sanarwar kamfanin a shafin NGX. Ciniki na yau da kullum ba ya haifar da wannan, kusan ko yaushe akwai bonas, haɗewa ko rabon riba a bayansa. Wasu shafukan zane suna gyara tsohon farashi da kansu, wasu ba sa yi, saboda haka ka gwada da kamfani ɗaya da ka san tarihinsa kafin ka dogara da su. Kada kuma ka gyara abin da an riga an gyara.

Rabon riba ma haka yake. Ranar da aka rufe rajistar masu cin ribar, ana rage farashi da adadin da za a biya. Idan bankin misalinmu ya biya naira 4 a tsakanin, ainihin abin da mai shi ya samu 62 ne a kan 40, kashi 55 ke nan maimakon 45. Kana iya ƙara ribar ko ka bar ta, amma abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa kowa. Ina ganin ƙara ta ya fi adalci a kasuwarmu, domin bankuna da kamfanonin siminti suna biyan riba mai kauri, yawanci tsakanin Maris da Yuni, kuma barin ta yana danne su a jerin ba gaira ba dalili. A misalin nan dai zan ci gaba ba tare da ita ba don lambobin su yi sauƙi.

Tsallake watan ƙarshe

Yanzu mu koma kan inshora. Dubi layinta da kyau: daga Yuni zuwa Nuwamba kwabo biyu ta ƙara. Duk tashin ya zo ne a Disamba, daga kwabo 52 zuwa 80, kusan kashi 54. Da iyakar kashi 10 a yini, kwana biyar a jere sun isa a yi wannan tafiyar. Tashi irin wannan a kan hannun jari mai araha yawanci jita-jita ce ko wasu 'yan tsiraru da suka taru a kansa, kuma sau da yawa yana komawa inda ya fito.

Masu bincike sun lura tun tuni cewa abin da ya yi tsalle a wata ɗayan da ya wuce yakan ɗan ja da baya a watan da ke biye, alhali tashin da aka gina a tsawon watanni yakan ɗore. Shi ya sa ma'aunin da aka fi sani a wannan fanni yake auna wata goma sha biyu amma ya bar na ƙarshe. Mu ma haka za mu yi da namu wata shidan. A gurbin F2:

```
=(C2/B2-1)*100
```

Sakamakon, bayan an sa naira 40 a matsayin farashin fulawa na Yuni: banki 40, manja 32, fulawa 30, sadarwa 22, siminti 13, inshora 4. Wadda ta zo ta farko ɗazu ta koma ta ƙarshe. Idan tashin inshorar na gaskiya ne, wata mai zuwa zai shiga lissafi, za ta hau da kanta. Ka rasa wata ɗaya, amma ka tsira daga sayen abu a ƙololuwar hayaniya.

Ba kowa lambarsa

Da kamfani talatin ba za ka iya jerawa da ido ba. A gurbin G2:

```
=RANK(F2,$F$2:$F$31,0)
```

Sifirin ƙarshe yana nufin mafi girma ya zama na 1. Alamar dala tana kafe iyakar jerin. In ka manta da ita, iyakar za ta riƙa zamewa yayin da kake jan lissafin ƙasa, sai ka ga kamfanoni uku ko huɗu duk suna na ɗaya. Gurbin layin B da babu farashi kuma zai jawo `#DIV/0!` ya lalata jerin duka. Kamfanin da bai cika tsawon lokacin a kasuwa ba, a cire shi har sai ya cika.

Mutane da yawa ba sa son dogara da tsawon lokaci ɗaya, kuma suna da hujja, domin ranar farawa ɗaya tak na iya faɗawa kan ranar da farashi ya yi wani faɗuwa na musamman. Sai su yi lissafin wata 3, wata 6 da wata 12, kowanne da jerinsa. A wajen haɗawa ake yin kuskure. Idan ka tara kason ukun ka raba uku, na wata 12 zai rinjayi sauran, don shi ya fi girma a lamba. Tara lambobin matsayin ya fi. Kamfanin da ya zo na 2, na 4 da na 3 matsakaicinsa 3 ne. Wanda ya zo na 1, na 9 da na 20 matsakaicinsa 10 ne, ko da yake a wata ukun nan babu kamarsa. Mai ƙaramin matsakaici shi ne gaba, sai ka sake jera su da 1 a ƙarshen `RANK` maimakon 0. Kamfanin da ke sama a duka ukun shi nake kira mai tashe na gaske. Wanda ke sama a wata 12 amma ya faɗo ƙasa a wata 3, tashensa na iya kasancewa ya fara gushewa.

Gwada su da kasuwa gaba ɗaya

Ƙara layi ɗaya a ƙasa, wajen iyakar jerin, don babban ma'aunin kasuwa, All-Share Index, ka yi masa lissafi iri ɗaya. A ce ya tashi da kashi 20 a wata shidan misalinmu. Banki mai kashi 45 ya fi kasuwa: 1.45 a raba da 1.20 ya ba da 1.208, fifikon kusan kashi 21. Siminti mai kashi 15 kuwa, 1.15 a kan 1.20 ya ba da 0.958, wato kasuwa ta bar shi da kusan kashi 4 duk da farashinsa ya hau. Wannan rabawa ba ta canza matsayin kowa a jerin, tunda lamba ɗaya ake raba kowa da ita. Amfaninta shi ne nuna inda layin yake tsakanin masu jan kasuwa da waɗanda kasuwa ke ja.

A nan wasu ke rikicewa da RSI, ma'aunin da J. Welles Wilder ya fitar a 1978. Shi yana gwada ranakun hawan hannun jari ɗaya da ranakun saukarsa, ba ya duban wani kamfani dabam. Ba zai iya yi maka wannan aikin ba.

Akwai abin da jeri ba ya faɗa. Ko kasuwa ta rushe, dole wani ya zo na ɗaya. Idan na ɗayan ya faɗi da kashi 5 sauran sun faɗi da 30, lamba 1 za ka gani a gabansa, kuma asara ce za ka saya. Saboda haka kullum ka dubi layin F tare da layin G. Ƙa'idata ita ce ba na sayen abin da canjinsa ke ƙasa da sifiri komai matsayinsa. A Najeriya ma sifiri ya yi ƙasa a matsayin iyaka. A 2024 hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30, don haka hannun jarin da ya tashi da kashi 15 a shekarar ya rage wa mai shi ƙarfin saye. Wanda kuma ke haɗa kamfanonin Legas da na Amurka a jeri ɗaya, dole ya mai da duka zuwa kuɗi iri ɗaya. Bayan sakin naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ma'aunin NGX ya tashi da kusan kashi 45 a 2023, amma wanda ya auna da dala asara ya gani.

Yin aiki da jerin

Sau ɗaya a wata ya isa a sabunta. Daga talatin, duba biyar ko shida na sama, sannan ka karanta sakamakon kuɗinsu na baya-bayan nan. Jerin yana nuna inda za ka duba, karatun shi ke nuna ko tashin yana da dalili.

Kuɗin ciniki shi ke cinye ribar wannan hanya. Tsakanin ladan dillali, kuɗin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, na kasuwar, na kamfanin CSCS mai ajiye hannayen jari, da harajin hatimi, saye da sayarwa sau ɗaya na iya lashe kashi 3 zuwa 4, gwargwadon dillalinka. Ɗauko takardar cinikinka ta baya ka lissafa naka. Wanda ke sayarwa duk lokacin da kamfani ya zame daga na 5 zuwa na 6 dillali yake yi wa aiki. Maganinsa iyaka biyu ce: ka saya idan kamfani ya shiga biyar na sama, amma kada ka sayar sai ya faɗo ƙasa da na 10. Tazarar da ke tsakani tana rage yawan ciniki sosai.

Ka kuma dubi ɓangarorin da na saman suka fito. Sau da yawa za ka tarar huɗu cikin biyar bankuna ne, ko duka masu cin gajiyar faɗuwar naira ne, kamar masu manja da masu haƙar mai. Sunaye biyar ne amma dalili ɗaya ke ɗauke da su, kuma sanarwa ɗaya daga Babban Banki na iya kayar da su tare. Kada ka ɗauki fiye da biyu daga ɓangare ɗaya, ko da hakan na nufin tsallake na 3 ka ɗauki na 7.

Lokacin da wannan hanya ta fi cutar da masu bin ta shi ne sa'ad da kasuwa ta juyo da ƙarfi bayan doguwar faɗuwa. A Amurka, daga Maris 2009, kamfanonin da suka fi shan kashi a rikicin 2008 su suka yi tashin gwauron zabo, waɗanda ke saman jeri kuwa aka bar su a baya cikin 'yan makonni. Alamar tana bayyana a shafinka tun kafin ta bayyana a jerin wata 12: canjin ma'aunin kasuwa na shekara yana ƙasa da sifiri, amma goman da ke ƙasan jerin sun fi goman sama tashi a watan da ya wuce. Don ganin wannan, ƙara layi ɗaya na canjin wata guda, `=(D2/C2-1)*100`, ka ɗauki matsakaicin goman sama da na goman ƙasa ka ajiye su gefe da gefe kowane ƙarshen wata. Idan na ƙasa sun fi na sama wata biyu a jere, dakatar da sabon saye, ka riƙe abin da bai karya iyakar na 10 ba, ka jira jerin wata 3 da na wata 6 su sake nuna sunaye iri ɗaya a sama.